Mene ne "ekstenshan", kuma ya ake nemansa a imel idan aikin fili, wato fita tattara bayanan bincike, ya makara?

Kalmar nan ekstenshan da ɗalibai masu rubuta furojet ko tesis ke yawan faɗa, ma'anarta ƙarin wa'adi, wato an sa maka ranar da za ka miƙa aiki sai ka nemi a ɗaga ranar zuwa gaba. Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ekstenshan sabuwar rana ce takamaimai da kai da sufabaiza, wato malamin da ke duba aikinka, kuka amince da ita. In ka rubuta "Malam a ƙara min lokaci" ka yi shiru, to ba ka nemi komai ba tukuna, ka dai bar masa aikin lissafin da kai ya kamata ka yi.

Kuma wa'adi iri biyu ne. Akwai wanda sufabaiza ya sa da bakinsa, kamar ya ce kawo babi na huɗu ranar kaza, wannan shi kaɗai zai iya ɗagawa. Akwai kuma na makaranta, ranar miƙa kammalallen aiki, wannan galibi sai an cike fom ya bi ta sashe, shi Malam goyon baya kawai zai bayar. Fara tantance wanne ne naka kafin ka taɓa imel.

Mu ɗauki misali. Ɗaliba ta tsara hira da mutum 30, za ta miƙa babin sakamako, wato babi na huɗu, ranar 14 ga Maris, sai takardar izinin fara bincike ta makara da sati uku, yanzu 18 kawai ta yi. Kwana nawa za ta nema? Nan ne ake tafka kuskure wallahi, sai ta ce ai sati ɗaya ya isa don kar Malam ya ga ta cika zaƙewa. To a lissafa: saura hira 12, in tana yin biyu a rana kwana shida ke nan, kuma dole wani ya ɗaga mata alƙawari, a ce kwana takwas. Sannan kwafe rikodin zuwa rubutu, wanda shi ne ke cin mutum bai sani ba, hirar awa ɗaya takan ci awa huɗu zuwa shida, hirar minti 40 guda 12 kusan awa 40 ke nan, sati guda cur. Nazari da rubutu su ma su ci kwana goma ko fiye. Ka ga sati huɗu take buƙata, kuma gara ta nemi huɗun sau ɗaya da ta nemi ɗaya ta dawo tana ƙara roƙo, don roƙo na biyu shi ke sa a fara shakkar mutum.

A layin Subject ta sa: Neman ƙarin wa'adin babi na huɗu zuwa 11 ga Afrilu. Saƙon kuma kamar haka, ko da wane harshe kuke rubutu tsarin ɗaya ne:

"Ranka ya daɗe, barka da aiki. Ina neman alfarmar a ɗaga min ranar miƙa babi na huɗu daga 14 ga Maris zuwa 11 ga Afrilu. Takardar izinin bincike ta fito a makare da sati uku, shi ya sa na fara hira a makare. Na kammala 18 cikin 30, ina sa ran gama sauran 12 cikin kwana takwas, sannan in kwafe in yi nazari. Na haɗo abin da na fitar daga 18 ɗin ko Malam zai duba. Idan ranar ba ta yi wa Malam daidai ba, zan bi wadda ya ga ta dace. Na gode ƙwarai."

Lura buƙatar ta zo tun farko, dalili jimla ɗaya tak, ba ta zagi ofishin da ya riƙe takardar ba, ba ta kuma cika shafi da ban haƙuri ba. Ni a ganina abin da ya fi komai nauyi a ciki shi ne 18 cikin 30 ɗin nan da abin da ta haɗo, don shi ke nuna masa aiki na tafiya ba zama aka yi ba.

Sai lokacin turawa. Ranar da ka ga lissafi ba zai fita ba ranar za ka tura, kar ka bari sai daren ranar miƙa aikin, don shi ma Malam ya ware lokacin karanta aikinka cikin na sauran ɗalibai. In kwana uku na aiki suka wuce ba amsa, ka tuna masa a ƙarƙashin wancan saƙon da layi biyu, kuma kar ka ɗauki shirunsa a matsayin ya yarda, muddin bai rubuto ba, tsohuwar ranar tana nan daram.