Tace Saƙonnin Masu Tsegunta Labari a Ɗakin Labarai

Tace saƙonnin tsegumi aiki ne da edita ko wakilin da ke bakin aiki yake yi a kan bayanan da jama'a ke aiko wa kafar yaɗa labarai ta imel, ta waya ko ta WhatsApp, domin a san wanda za a fara dubawa da kuma yawan binciken da kowanne yake buƙata. Ma'auni biyu ake ɗora kowane saƙo a kai, kuma bai kamata a cakuɗa su ba.

Na farko shi ne gaggawa. Saƙon da ya shafi rai, kamar gobara, hari ko ambaliya, shi ke gaba, sai wanda lokacinsa ke ƙurewa, kamar zaman kotu na gobe. Koke kan hanyar da ta daɗe da lalacewa yana iya jira.

Na biyu shi ne nauyin tabbatarwa, kuma a nan aikin yake. Rahoton gobara yakan tabbata da kiran jami'an kashe gobara da wani ganau. Hoto ko bidiyo sai an nemo inda ya fara bayyana, saboda sau da yawa tsoho ne aka sake yaɗawa. Zargin da ya ambaci sunan mutum kuwa yana buƙatar takardu, da majiya ta biyu wadda ba daga bakin ta farko ta ji ba, da kuma jin ta bakin wanda ake zargi. Gaggawa tana nuna wanda za a fara yi wa aiki ne kawai, ba ta rage ko ɗaya daga waɗannan matakai.

Abin da ya faru da jaridar Washington Post a watan Nuwamba na 2017 ya nuna hakan. Ana sauran makonni kaɗan zaɓen sanata a jihar Alabama ta Amurka, wata mata ta aiko da imel, daga baya ta yi zargin cewa ɗan takara Roy Moore ya yi mata ciki tana shekara 15. Saƙon ya haɗa gaggawa da babban haɗari, don haka aka gana da ita ba tare da an buga komai ba. Alamun shakka suka yi ta fitowa: kamfanin da ta ce tana aiki a cikinsa bai san da ita ba, kuma ta riƙa neman a ba ta tabbacin cewa labarin zai kayar da Moore. Wata mai bincike ta jaridar ta kuma gano shafin neman tallafin kuɗi da ke ɗauke da sunanta, inda ta ce za ta yi aikin yaƙar manyan kafafen yaɗa labarai. A ƙarshe wakilan jaridar sun gan ta tana shiga ofishin ƙungiyar Project Veritas, wadda ta yi suna wajen ɗana wa 'yan jarida tarko da ɓoyayyar kyamara, a jihar New York, kuma ranar 27 ga Nuwamba aka buga labarin tarkon da aka ɗana wa jaridar maimakon zargin.