Masu asma, ku daina ajiye inhelar kariya kuna rungumar shuɗiya

Kusan kowane mako sai an kawo mana mai asma yana haki, ƙirji na kuka, ba ya iya haɗa jimla guda sai ya tsaya ya ja iska. Ka ce a nuna maka magungunansa, sai a zaro shuɗiyar inhela wadda ta kusa ƙarewa. Ina ɗayar da likita ya rubuta tare da ita? Tana gida cikin kwalinta, an shaƙa sau biyu ko uku aka ajiye, wai "ba ta aiki". Jama'a, wannan ɗabi'a ce ke dawo da ku gadon asibiti, kuma ita nake so mu tsaya a kai.

Shuɗiyar nan, wadda galibi salbutamol ce a ciki, aikinta ɗaya ne: tana sassauta naman da ya shaƙe hanyar iska. Cikin minti biyar ka ji ƙirji ya buɗe, bayan awa huɗu zuwa shida ƙarfinta ya tafi. Ba ta taɓa kumburin da ke cikin hanyar iskar, alhali kumburin nan shi ne tushen ciwon, yana nan ko ranar da kake jin garau. Ita kuwa inhelar kariya, mai ɗauke da sitirod na shaƙa irin su beklometason, budesonid ko fulutikason, kumburin take lafar da shi a hankali. Ba za ka ji komai ba lokacin da ka shaƙa. Sai an yi kwanaki kafin sauƙi ya fara bayyana, cikakken amfaninta kuma sai an yi makonni ana shaƙa safe da dare ba fashi. Sau da yawa ruwan ƙasa ce ko ruwan lemo, amma kala tana bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ku karanta sunan da ke jiki.

Mu ɗauki mutum mai shekara talatin da aka ba shi duka biyun. Ya yi mako biyu yana shaƙar ta kariya, tarin dare ya tsaya, sai ya ce ya warke ya ajiye. Bayan wata guda tarin asuba ya dawo, ya koma kan shuɗiya, sau biyu a rana, sannan sau uku, har ta kai gwangwani ɗaya ba ya wuce masa wata. A gwangwanin akwai fesa 200, kowace tana da maikirogiram 100. Wato yana shaƙar fesa shida zuwa bakwai kullum. Wanda asmarsa ke kwance ba ya buƙatar shuɗiya fiye da sau biyu a mako. In fesa biyu yake yi kowane karo, gwangwani ɗaya zai kusa kai shi shekara. Gwangwani uku ko fiye a shekara alama ce ta haɗarin mummunan tashi, goma sha biyu kuwa haɗarin rasa rai ne. Ga shi yawan shaƙar na sa jiki ya rage amsa mata, hannu na rawa, zuciya na bugu. Ranar da mura ta kama mutumin nan, hanyar iskar da ta daɗe a kumbure ta toshe da majina, ya yi ta fesawa ba ta buɗe ba. Shi ya sa tun 2019 kwamitin GINA, mai fitar da ƙa'idojin kula da asma na duniya, ya daina ba da shawarar a bar manya da matasa kan salbutamol kaɗai, ko da asmar mai sauƙi ce.

Na san abin da ke tsorata wasunku: kalmar sitirod. Na shaƙa ba ɗaya yake da ƙwayar firednisolon da ake haɗiya ba. Na shaƙa da maikirogiram ake auna shi, kai tsaye yake zuwa huhu. Matsalarsa da aka fi gani ita ce dashewar murya da farin abu mai kama da gasara a harshe da makogwaro, kuma kurkure baki da ruwa a tofar bayan kowace shaƙa yana rage wannan sosai. Abin takaicin shi ne mai gudun inhelar kariya shi ne ke ƙarewa da shan firednisolon sau da yawa a shekara, wanda maimaita shi ke kawo ƙiba, hauhawar sukari da raunin ƙashi. Firednisolon na tashin asma ne, kwana biyar zuwa bakwai ga babba, da umarnin likita. Kada ku mai da shi abin sha duk sanda ƙirji ya ɗaure.

Aji na uku shi ne montelukas, ƙwayar da ke tare sinadarin lukotirin mai haddasa kumburi da matsewa. Sau ɗaya ake sha da dare: miligiram 10 ga mai shekara 15 zuwa sama, 5 ga ɗan 6 zuwa 14, 4 ga ɗan 2 zuwa 5. Yana taimaka wa mai asma haɗe da atishawa da toshewar hanci, da wanda motsa jiki ke tayar masa da ita. Amma bai kai sitirod na shaƙa ƙarfi ba, kuma ba ya buɗe ƙirji lokacin tashi. Iyaye, don yaro ya fi son tauna ƙwaya a kan shaƙar inhela, ba dalili ba ne na musanya su da kanku. Ku kuma sa ido: in ya fara mugun mafarki, rashin barci, saurin fushi ko baƙin ciki, ku gaya wa likita nan take. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta ɗora wa wannan magani gargaɗinta mafi tsanani a kan haka.

Maganin asma mataki-mataki ake hawa da shi, dalili kuwa shi ne a ba mutum mafi ƙarancin maganin da zai riƙe shi. Ana farawa da ƙaramin awo na sitirod na shaƙa. In bai isa ba, ga babba akan haɗa shi da mai buɗe ƙirji na dogon lokaci, fomoterol ko salmeterol, a inhela ɗaya. Waɗannan ba a taɓa shaƙar su su kaɗai a asma ba tare da sitirod ba. Haɗin budesonid da fomoterol yana da wata fa'ida: fomoterol na aiki da sauri, don haka likita kan iya cewa ita za ka shaƙa in ƙirji ya ɗaure, kowace fesa ta zo da kariyarta. Daga nan a ƙara awo, ko a ɗora montelukas. Amma kafin a hau, sai an duba ko kana shaƙar wanda aka ba ka, kuma daidai kake shaƙa. In ka ce kana shaƙa alhali tana cikin kwali, za a ƙara maka maganin da ba ka buƙata. Ku faɗi gaskiya, ba wanda zai yi muku faɗa. Saukowa ma da tsari: sai an yi kamar wata uku lafiya lau, sannan likita ya rage kwata ko rabi.

A gurguje: girgiza inhela, fitar da iska, danna fesa ɗaya kana ja a hankali, riƙe numfashi kamar daƙiƙa goma. Yi amfani da sifesa, robar nan da ake jonawa bakin inhela, musamman ga yara. Rubuta ranar da ka buɗe shuɗiya a jikinta. In kana neman ta fiye da sau biyu a mako, ko asma na tashe ka da dare, zo a duba ka. In kuwa ka kasa magana, leɓe ya sauya launi, ko shuɗiya ta daina amfani, zauna a miƙe, ka shaƙi fesa ɗaya bayan ɗaya har goma ta sifesa, a nufi asibiti da kai ba tare da jira ba, a taho da inhelolin duka biyu.