Gudun iska a natse kan shimfiɗaɗɗen faranti: lissafin h na wuri guda da na jimla

Gudun lamina kan shimfiɗaɗɗen faranti shi ne yanayin da iska ke bi ta saman faranti mai santsi a natse, layi-layi, ba tare da ta hargitse ba. In farantin ya fi iskar zafi to iskar za ta riƙa kwasar zafin tana tafiya da shi, kuma adadin da ke nuna ƙarfin wannan kwasar shi ake rubutawa da h, ana auna shi da W/m²·K. Abin da ke rikita ɗalibai shi ne h ɗin ba ɗaya ba ne a duk jikin farantin, a bakin da iska ta fara taɓawa yana da girma sosai sannan ya riƙa raguwa, shi ya sa ake da h na wuri guda da kuma h na jimla wanda ya haɗe farantin gaba ɗaya.

Dalilin raguwar kuwa, iskar da ke manne da ƙarfen ba ta motsi sam, wadda ke samanta tana jan jiki kaɗan-kaɗan, a haka har a kai inda iska ke cikakken gudunta. Wannan siririyar shimfiɗa ita ce Ludwig Prandtl ya yi bayaninta a 1904, ɗalibinsa Blasius ya warware lissafin gudunta a 1908, sai Pohlhausen ya ƙara ɓangaren zafi a 1921. Shimfiɗar tana ƙara kauri yadda ake nisa da baki, kuma tamkar bargo take ga farantin, iya kaurinta iya wahalar da zafi zai sha kafin ya fita.

Zafin da ake duba halayen iska a kai

Lissafin yana buƙatar abu uku daga teburin halayen iska: ν wato danƙon iska, k wato yadda take wuce da zafi, sai lambar Prandtl, Pr. Matsalar ita ce dukkansu suna canjawa da zafi, iskar da ke jikin faranti kuma zafinta daban, ta can nesa daban. Sai aka raba gardama aka ce a ɗauki tsakiya, shi ne injiniyoyi ke ce ma fim tamfareca:

```
Tf   = (Ts + T∞)/2
Re_x = u·x/ν
Nu_x = 0.332·Re_x^(1/2)·Pr^(1/3) = h_x·x/k
Nu_L(jimla) = 0.664·Re_L^(1/2)·Pr^(1/3)
```

A nan Ts zafin faranti ne, T∞ zafin iskar can nesa, u gudun iska, x nisa daga baki, L kuma tsawon farantin. Re ita ce lambar Reynolds mai nuna ko iska a natse take ko ta hargitse, Nu kuwa lambar Nusselt ce da ake ciro h daga cikinta. Waɗannan suna aiki ne in zafin farantin iri ɗaya ne ko'ina tun daga baki, Pr ta kai 0.6 ko fiye, sannan lambar Reynolds ba ta wuce wajen 500,000 ba, don daga nan ne aka saba ɗauka cewa iska ta fara hargitsewa.

Misali da lambobi

A ce faranti ne mai tsawon mita 0.5 da faɗin mita 1, zafinsa 127°C wato 400 K, iska mai 27°C wato 300 K tana bi ta kansa da gudun mita 5 a daƙiƙa, matsin iska kuma na yau da kullum. Tsakiyar zafin 350 K ke nan, a nan tebur ya ba da ν = 20.92×10⁻⁶ m²/s, k = 0.0300 W/m·K, Pr = 0.700.

Abu na farko kafin komai a duba Reynolds a ƙarshen farantin. 5 sau 0.5 a raba da ν ya ba da kusan 119,500, bai ma kai rubu'in 500,000 ba, to lamina ce tun daga baki har ƙarshe, sai farantin ya kai tsawon mita 2.09 kafin a fara zancen hargitsi. Daga nan sauran aikin kalkuleta ne:

```
Re_L^(1/2) = 345.7     Pr^(1/3) = 0.888
Nu_x(x = 0.5) = 0.332 × 345.7 × 0.888 = 101.9
h_x = 101.9 × 0.0300 / 0.5 = 6.11 W/m²·K
h(jimla) = 2 × 6.11 = 12.2 W/m²·K
q = 12.22 × (0.5 × 1) × 100 ≈ 611 W
```

q shi ne jimlar zafin da ke fita, 100 ɗin kuma bambancin zafin faranti da na iska ne. Wat 611 ɗin na fuska ɗaya ne fa, in iska na bin sama da ƙasa sai a ninka. Kaurin shimfiɗar kuwa a ƙarshen farantin, da 5x/√Re_x, milimita 7 ne da ɗan ɗoriya.

Me ya sa na jimla ya zama ninki biyu cif? Saboda h_x yana tafiya ne da 1/√x, in aka tattara shi daga baki zuwa L aka raba da L sai biyu ta fito, shi ke nan asalin 0.664 ɗin. A santimita 5 daga baki h ya kai 19.3, a santimita 12.5 wato rubu'in tsawon ya sauko 12.2 daidai da na jimla, a ƙarshe kuma 6.11. Ma'ana rubu'in farko na farantin shi kaɗai ke fitar da rabin zafin, rabin farko kuma kashi 71 cikin ɗari. Don haka wanda ya ninka tsawon faranti yana tsammanin zafin da ke fita zai ninka zai sha mamaki, kashi 41 kawai zai ƙaru. Kuma in abin da ake tsoro ƙonewa ne, kamar kayan lantarki da aka jera fanka na hura su, h na wuri guda ake dubawa a can ƙarshe inda ya fi ƙanƙanta, na jimla ba zai nuna wannan ba.

Inda ake kuskure

Wani abu da ba a cika faɗa ba, in mutum ya manta ya ɗauki halayen iska a 300 K (ν = 15.89×10⁻⁶, k = 0.0263, Pr = 0.707) h na jimla zai fito 12.3, bambancin kusan kashi 1 ne kacal, saboda k da √ν suna hawa tare da zafi sai su kusa cinye juna. Ɓarnar tana wajen Reynolds ne, zai tashi zuwa 157,000, sannan inda hargitsi ke farawa ya dawo mita 1.59 maimakon 2.09. Da farantin mita 1.8 ne sai mutum ya ce iskar ta hargitse a ƙarshe ya ɗauko wata fomula daban alhali lissafin daidai ya ce lamina ce, a nan ne amsa ke kaucewa da gaske.

Matsin iska ma ana mantawa da shi. Teburin na matsin bakin teku ne, a tudu mai tsayin wajen mita 1,400 matsin ya ragu zuwa kusan kashi 85 cikin ɗari, k da Pr ba su damu ba amma ν sai an raba shi da 0.85, h kuma ya sauka da kusan kashi 8.

In kuma hita ce ke dumama farantin da zafi iri ɗaya a kowane yanki, ba zafin jikinsa ne aka tsayar ba, 0.332 tana komawa 0.453, kuma tunda ba a san Ts ba tun farko dole a yi hasashen Tf a lissafa a dawo a gyara. Ita ma 500,000 ɗin ba doka ba ce, faranti mai kaushi ko iskar da ta fito daga fanka a hargitse kan sa a bar lamina tun kafin nan, alamarsa kuwa h da aka auna ya daina sauka ya yi tsalle sama a tsakiyar farantin. Sannan wat 611 ɗin na iska ne kawai, faranti baƙi ƙirin mai 400 K da ke kallon bango mai 300 K zai iya zubar da kusan wat 500 ƙari ta hanyar hucin da yake haskawa, wanda sai an lissafa shi daban a haɗa.