Tsanin ajiya

Tsanin ajiya hanya ce ta raba kuɗi kashi-kashi a zuba su a ajiyar banki mai wa'adi ko a takardun lamuni, wato takardun da ake saye a matsayin ba gwamnati ko kamfani bashi, kowane kashi da ranar cikarsa daban, ta yadda kuɗi za su riƙa dawowa hannun mai su lokaci bayan lokaci. Kowane kashi shi ake kira mataki.

Dalilinsa shi ne ajiya mai dogon wa'adi ta kan fi riba, amma tana ɗaure kuɗi. Wanda ya fasa ta kafin lokaci, banki kan zaftare masa ribar, wani lokaci ma ta tafi duka.

A ɗauki misalin malamin makaranta a Samaru, Zariya, mai naira 1,200,000. Sai ya raba su huɗu, naira 300,000 kowanne, ya ajiye na farko na wata 3, na biyu wata 6, na uku wata 9, na huɗu wata 12. Idan na farko ya cika kuma malamin bai da buƙatar kuɗin, sai ya mayar da shi ajiyar wata 12, haka zai yi wa na biyu da na uku. Kafin shekara ta zagayo duk matakan sun koma na wata 12, amma duk bayan wata uku ɗaya na cika. Mai lura kan daidaita ranakun da buƙatunsa: ɗaya gab da komawa makaranta, ɗaya lokacin sayen taki, ɗaya da kaka sa'ad da masara ke araha.

Takardun lamuni na gajeren zango da Babban Bankin Najeriya ke sayarwa a madadin gwamnati na kwana 91 ne, da 182, da 364. Babu na wata tara, don haka akan cike wannan gurbi da ajiyar banki, ko a sayi tsohuwar takarda da ya rage mata wata tara.

Masu gudun kuɗin ruwa, kuma suna da yawa a Zariya, kan gina nasu da ajiyar mudaraba a bankunan Musulunci, inda ake raba riba ba tare da an yanke ta tun farko ba. Sukuk kuwa, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na farko da gwamnatin tarayya ta fitar a 2017 wa'adinsa shekara bakwai ne, ya cika a 2024; irin wannan wa'adi ya yi nisa ga mai son kuɗi duk wata uku.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne sabuntawa. Bankuna da dama kan sabunta ajiya da kansu idan mai ita bai ba da umarni ba, a kan tsohon wa'adi da ribar da suka ga dama. Alamar ita ce matakai biyu su cika a wata ɗaya, wani zangon kuma ya wuce babu ko kwabo. Tsanin kuma ba ya maganin tsadar kaya: idan farashi ya fi riba gudu, naira 300,000 ɗin za ta dawo cif da ribarta, amma buhunan da za ta saya sun ragu.