Narkar da gwangwanin lemo: tambayoyin da ake ta maimaita mini

"Da gaske ne narkar da tsohon gwangwani ya fi yin sabon alminiyam sauƙin wuta?"

Gaskiya ne. Wutar da yake ci ba ta wuce kusan kashi 5 cikin 100 na wadda sabo ke ci ba.

"Ina wannan bambanci ya fito?"

Alminiyam ba ya zama a ƙasa a matsayin ƙarfe. Yana cikin wata jar ƙasa da ake kira boksit, irin wadda ake haƙa a yankin Boke na ƙasar Gini, kuma yana manne da iskar oksijin gam. Sai an tace tan 4 zuwa 5 na wannan ƙasa a samu tan 2 na farin gari, sannan a sakar wa garin lantarki a zafin da ya kai digiri 950 kafin a samu tan 1 na ƙarfe. Wannan mataki, wanda Hall da Héroult suka gano a 1886, shi ne mai cinye wuta: kowane kilo ɗaya yana shan kusan yunit 14 na mita. Shi ya sa aka gina masana'antar alminiyam ta VALCO da ke Tema a ƙasar Gana a kan wutar madatsar Akosombo. Gwangwanin da ke hannunka an riga an biya masa wannan kuɗin. Narkewa kawai ta rage, a digiri 660.

"Ƙarfen ba ya lalacewa idan an yi ta narkarwa?"

A'a. Datti da gauraye ne ke ɓata shi.

"Duk gwangwani ɗaya ne?"

Haba! Ɗora maganaɗisu. In ya kama, kamar na tumatir ko madara, baƙin ƙarfe ne ba alminiyam ba, ware shi gefe. Wannan kam ya ci a ce kowa ya sani zuwa yanzu.

"Zan iya narkar da gwangwanaye a maƙerata in zuba tukunya?"

Za ka iya, amma ka saurara da kyau, don a nan ake asara, a nan ake ƙonewa. Gwangwani ɗaya bai wuce giram 13 zuwa 15 ba, wato sai ka tara kusan 70 kafin su yi kilo. Ga shi siriri ƙwarai, saboda haka in ka jefa shi a wuta haka nan, iska za ta ci fatarsa ya zama toka da ke taruwa a sama. Mai haɗa kilo 5 ya zuba cikin tukunyar narkarwa da babu narkakken ƙarfe a cikinta yana iya kwashe toka mai yawa ya tashi da ƙarfe kaɗan, ya ce an cuce shi. Ba wanda ya cuce shi. Dabarar ita ce ka fara narkar da kauri-kaurin guntaye su zama ruwa, ka daddake gwangwanayen su dunƙule, sannan ka danna su ƙarƙashin ruwan ƙarfen don kada iska ta same su. Gishirin narka, wanda ake barbaɗawa a kan narkakken ƙarfe, yana taimakawa wajen raba ƙarfe da toka, ko da yake ba ya gyara ganganci.

Batun ruwa kuwa, don Allah kada ka yi wasa da shi. Ragowar lemo ko ɗigon ruwan sama da ya shiga ƙarƙashin narkakken ƙarfe yana zama tururi nan take, ya watso maka ƙarfen a fuska. Ka shanya su, ka ɗumama su a bakin murhu tukuna. Fenti da rufin cikinsu kuma hayaƙi ne mai cutarwa, a fili ake wannan aiki, ba a ɗaki ba.

Sannan ko ka yi komai daidai, ƙarfen gwangwani an haɗa shi ne don a murje shi ya zama falle, ba don zubi ba. Ba shi da silikon sosai, don haka ba ya gudu da kyau cikin ramin yashi, kuma gefen tukunya kan fito bai cika ba. Ƙananan ramuka a jikinta alama ce ta danshi ko zafin da ya yi yawa. Wasu maƙera kan haɗa da tarkacen inji don ya yi gudu. Yana yi, amma tarkacen da ba ka san asalinsa ba yana iya ɗauke da dalma, kuma abinci za a dafa wa yara a ciki. Ni dai ba zan ba ka shawarar haka ba.

"To su manyan masana'antu yaya suke yi?"

Suna yayyanka gwangwanin, maganaɗisu ya tsince baƙin ƙarfe, a ƙone fentin da iska mai zafin digiri 500, a narkar a kusan 750. Da yake murfin ya fi jikin yawan maganiziyam, sai a auna haɗin a daidaita, a zuba manyan sanduna, a murje su. Cikin kwana 60 zai iya komawa kanti da lemo a ciki.

"In zuba yashi a ciki don ya yi nauyi a sikeli?"

Kada ka soma. 'Yan gwangwan sun san sautinsa, za su rage maka farashin buhun gaba ɗaya.