Katunan bita da takardar tambaya da amsa

Katin bita ƙaramin kwali ne da ɗalibi yake rubuta tambaya a fuskarsa, amsa kuma a bayansa, domin ya riƙa jarraba kansa kafin ranar jarrabawa. Takardar tambaya da amsa 'yar'uwarsa ce: ana raba shafi gida biyu, tambayoyi a hagu, amsoshi a dama, sai a naɗe ko a rufe ɓangaren amsar. Dukkansu daga babin littafin karatu ake ciro su, kuma aikinsu ɗaya ne, wato tilasta wa ƙwaƙwalwa ta nemo abin da aka karanta da kanta, ba tare da ido yana kan littafi ba.

Asali

A shekarar 1885 masanin halayyar ɗan'adam na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa gwajin da ya yi a kan kansa. Ya nuna cewa mantuwa ta fi sauri a sa'o'i da kwanakin farko bayan hadda, daga nan sai ta lafa, kuma maimaitawar da aka rarraba cikin kwanaki ta fi wadda aka yi a zama ɗaya. A 1972 wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya yaɗa tsarin jera katuna a akwatuna wanda har yau ake kira da sunansa. Sannan a 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na Jami'ar Washington da ke St. Louis suka gwada ɗalibai da hanyoyin bita biyu. Waɗanda suka sake karanta nassi sun fi tunawa bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda aka sa su rubuto abin da suka tuna ne suka yi gaba. Wanda ya san makarantar allo ba zai yi mamaki ba, don mai hadda bai yarda ya riƙe ba sai ya kifa allon ya kawo da ka, kuma yana komawa tilawar baya a kai a kai.

Yadda ake ciro tambayoyi daga babi

Ba a fara yanka kwali sai an karanta babin gaba ɗaya an fahimce shi. Katin da aka rubuta a kan abin da ba a gane ba, haddar aku kawai yake haifarwa. Bayan karatun farko sai a koma kan kanun babin, da kalmomin da aka rubuta da kauri, da jadawali, da tambayoyin ƙarshen babi. A ajiye manhajar darasin da tambayoyin shekarun baya na WAEC, NECO ko JAMB a gefe, domin su ne ke nuna abin da ya cancanci kati da abin da karantawa kawai ta ishe shi.

A ɗauki babin tsarin mulkin Nijeriya zamanin Turawa, daga darasin nazarin gwamnati na babbar sakandare. Babin yana ɗauke da kundin tsarin mulki huɗu, kowane da sunan Baturen mulkin da ya kawo shi: na Clifford a 1922, na Richards a 1946, na Macpherson a 1951, da na Lyttelton a 1954. Ɗalibin da bai saba ba yakan rubuta "Tsarin mulkin Clifford" a fuskar kati, ya cika bayansa da layi goma. Irin wannan kati ba ya gwada komai. In ya tuno layi shida ya manta huɗu, ya ci ne ko ya faɗi? Shi kansa bai sani ba, kuma yawanci sai ya yi wa kansa sassauci.

Gyaran shi ne a fasa shi, kowane kati da batu ɗaya. Na farko: "A wace shekara aka kawo tsarin mulkin Clifford?" Amsa: 1922. Na biyu: "Wane sabon abu ya shigo da shi?" Amsa: zaɓen wasu 'yan majalisar dokoki. Na uku: "Kujeru nawa ne na zaɓe, kuma daga ina?" Amsa: huɗu, uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Ana kuma juya tambayar, a ce "Wane kundi ne ya fara kawo zaɓe?", saboda mai jarrabawa yana iya shigowa ta kowace ƙofa.

Wurin da ɗalibai suka fi tuntuɓe a wannan babi shi ne tsakanin Richards da Lyttelton, tunda duka biyun suna maganar yankuna. A nan ake buƙatar kati na musamman da zai haɗa su fuska da fuska: Richards ne ya kafa majalisun yankuna uku, Arewa, Yamma da Gabas, Lyttelton kuma shi ya mai da ƙasar tarayya. Duk inda abu biyu suka yi kama, katin bambanci ya fi katuna biyu na daban amfani.

Abin da kati ba zai ɗauka ba, takarda ce ke ɗauka. Tambaya kamar "Me ya sa 'yan kishin ƙasa suka soki tsarin Richards?" tana son bayani, don haka sai ta tafi shafin tambaya da amsa. A gefen dama ba a kwafe sakin layin littafi. Ana rubuta manyan dalilan a taƙaice, misali rashin tuntuɓar jama'a kafin a ƙaƙaba shi, da kuma cewa kujerun zaɓe na kai tsaye ba su ƙaru a kan huɗun nan ba. Lokacin bita sai a rubuta cikakkiyar amsa a wata takarda, a buɗe, a ƙirga dalilan da aka kawo. Yana da kyau a sa lambar shafin littafin a gefen kowace amsa. Kuma tunda da Turanci ake amsa jarrabawar a Nijeriya, da Faransanci a Nijar, kalmomin fannin su kasance da harshen jarrabawar, ko da an ƙara bayanin Hausa a ƙasa.

Kayan aiki da tsarin bita

Takardar A4 ɗaya tana ba da kati takwas in an naɗe ta sau uku an yanka. Kwali ya fi, domin a takarda marar kauri biro yakan bayyana ta baya, ido ya saci amsar. Akwatunan Leitner kuwa ambulan uku sun wadatar. Kowane sabon kati yana farawa a na ɗaya, wanda ake dubawa kullum. In an amsa daidai ya wuce na biyu, da ake dubawa bayan kwana uku, daga nan sai na uku, mako-mako. Waɗannan kwanaki misali ne, ana iya matse su in jarrabawa ta kusa. Ƙa'idar da ba a taɓawa ita ce: katin da aka faɗi, ko daga ina yake, ya koma na ɗaya. Manhajojin waya irin su Anki, wadda ta fito a 2006, su suke lissafa ranar da kati zai dawo.

Kurakurai da iyaka

Kuskure mafi yawa shi ne juya kati kafin a furta amsa. Mutum ya ga "1951" ya ce ai na sani, alhali gane ta ya yi, ba tuno ta ba. Maganinsa a faɗi amsar da baki ko a rubuta kafin a juya. Na biyu shi ne barin katuna a jeri ɗaya kullum, har ɗalibi ya san Macpherson ne ke bin Richards ba don ya san tambayar ba. Ana gane haka in aka cakuɗa su sai amsa ta gagara. Akwai kuma mai ɓata mako yana ƙawata katuna da biro kala-kala, bai zauna ya amsa ko ɗaya ba.

Katin da aka faɗi sau huɗu ko biyar a jere, galibi laifin katin ne: ko ya haɗa abu biyu, ko tambayar tana karɓar amsa fiye da ɗaya. Sai a yage shi, a koma shafin littafin, a sake rubutawa. A lissafi da kimiyyar sinadarai kuwa, kati yana riƙe ƙa'ida da ma'anar alama, amma ba ya koyar da warware matsala. Wannan sai an zauna da biro an yi tambayoyin da hannu.