Mene Ne Naman Farce? Abin Da Ake Gudu Wajen Yanke Wa Kare Farce

Duk wanda ya taɓa kai karensa wurin likitan dabbobi don yankan farce ya ji ana cewa a kula kada a taɓa nama. Naman da ake nufi yana can cikin farcen kansa, ido ba ya ganinsa a yawancin karnuka, kuma shi ne dalilin da ya sa aikin da ya kamata ya ɗauki minti goma yake zama kokawa da kuka da jini.

Farcen mutum shimfiɗe yake a kan yatsa, nama na ƙarƙashinsa, saboda haka muna ganin inda farin ya ƙare. Na kare ba haka yake ba. Ya fi kama da ƙahon saniya: ɓawo mai tauri a waje, abu mai rai a ciki. Ɓawon ya lulluɓe tsinin ƙashin ƙarshe na yatsa, kuma tsakanin ƙashin da ɓawon akwai nama mai laushi cike da hanyoyin jini da jijiyoyin jin zafi. Wannan naman yana miƙewa daga gindin farce zuwa wajen tsini, yana sirancewa, sai ya ƙare kafin tsinin. Abin da ya rage daga ƙarshensa zuwa bakin farce mataccen ɓawo ne, kare ba ya jin komai idan an yanke shi. Da zarar abin yankan ya shiga naman kuwa, zai yi ƙara, ya fizge ƙafa, jini ya zubo.

Akwai wani hali na wannan nama da mutane da yawa ba su sani ba, alhali a kansa komai ya rataya. Ba ya tsayawa wuri ɗaya. Idan aka bar farce ya yi tsawo wata da watanni, naman ma yana bin sa yana tsawo. Idan kuma ana rage farcen a kai a kai, ana tsayawa dab da shi, sai ya riƙa ja da baya a hankali. Shi ya sa karen da aka daɗe ba a yanke wa farce ba, ba za a iya mayar da faratansa gajeru a zama ɗaya ba, komai ƙwarewar mai yankan. Wanda ya dubi tsawon farce ya ce zai cire rabi saboda ya yi yawa, kusan tabbas zai yanki nama.

A farin farce aikin da sauƙi. Naman yana bayyana ta cikin ɓawo da launin ja-ja mai haske, sai ka bar tazarar kusan milimita 2 tsakanin ƙarshensa da inda za ka yanka. Kare ɗaya yana iya zama da farata farare da baƙaƙe a haɗe. Idan haka ne, fara da fararen, domin za su ba ka ƙiyasin yadda naman ya kai a sauran. Ƙiyasi ne kawai, kowane farce da nasa.

Baƙin farce shi ne wurin da ake tsayawa a yi tunani. Wasu suna haska tocila ta bayan farcen, kuma a farce mai ruwan ƙasa hakan yakan nuna inuwar naman, amma a baƙi wuluk mai kauri hasken ba ya ratsawa. Hanyoyi biyu ne na fi amincewa da su, kuma tare ake amfani da su.

Ta farko ita ce duba ƙarƙashin farcen. Ɗaga ƙafar ka juyo tafin sama. Wajen tsini za ka ga farcen kamar yana da rami, gefe biyu na ɓawo da kwari a tsakaninsu. Idan ka bi kwarin zuwa wajen yatsa, za ka iso inda ramin ya cike, farcen ya yi kauri. Ɓangaren mai rami, siriri mai lanƙwasa, yawanci ba nama a ciki. Inda ya cike nan ne ake fara taka-tsantsan.

Ta biyu, wadda ita ce ainihin sana'ar, ita ce karanta fuskar yankan. Ba a yanka sau ɗaya. Ana ɗan yanko milimita 1 ko 2, a tsaya, a dubi wurin da aka yanka gaba da gaba cikin haske mai kyau. Yankan farko zai nuna fuska busasshiya, fara ko ruwan toka, mai ɗan gari-gari kamar ta farfashe. Wannan matacce ne, ci gaba. Bayan wani yanka ko biyu, garin zai ragu, fuskar ta ƙara santsi. Sai kuma a tsakiya ka ga ɗigo ya bayyana, baƙi ko toka mai duhu, mai ɗan sheƙi kamar yana da danshi, kuma idan ka taɓa shi da bakin farcenka ya fi kewayensa laushi. Wannan ɗigon ne alamar tsayawa. Naman yana bayansa kaɗan. Yanka ɗaya bayan wannan shi ne wanda yake kawo jini, kuma shi ne wanda hannu yake son ƙarawa saboda farcen har yanzu yana da tsawo a ido.

Mu ɗauki misali. Kare matsakaici, faratansa duk baƙaƙe, an yi watanni ba a taɓa su ba. Idan yana tafiya a kan daɓe ana jin ƙwas-ƙwas, kuma idan ya tsaya faratan gaba suna dokan ƙasa har suna ɗan karkatar da yatsun gefe. Ka sa shi ya kwanta a gefensa ko ya tsaya, wani da ya saba da shi ya riƙe shi a hankali. Riƙe yatsa ɗaya, babban yatsanka a kan tafin, manuninka a sama, ka ɗan matsa don farcen ya fito ya tsaya cak. Ture gashin da ya rufe. Sa bakin abin yankan a karkace, kusan digiri 45, yana bin lanƙwasar farcen, ka cire tsinin mai rami. Duba. Fari ne mai gari, ka ƙara kaɗan. A irin wannan karen kada ka yi mamaki idan ɗigon ya fito bayan ka cire milimita 3 ko 4 kacal, farcen kuma har yanzu yana taɓa ƙasa. Ka tsaya nan. Abin da za ka iya ƙarawa shi ne ka ɗan share ɓawon sama da na gefe da ke kewaye da ɗigon, ko ka goge su da abin gogar farce, ba tare da ka taɓa tsakiyar ba. Bayan mako guda ka dawo ka sake rage kaɗan, haka mako bayan mako. Naman zai riƙa komawa baya, kuma cikin makonni ko 'yan watanni faratan za su daina dokan ƙasa. Daga nan yanka sau ɗaya a mako uku ko huɗu yakan wadatar, ya danganta da irin ƙasar da karen yake yawo a kai.

Faratan baya yawanci sun fi na gaba gajarta, domin da su kare yake tunkuɗa ƙasa, don haka abin cirewa a can kaɗan ne. Wanda ake mantawa shi ne ɗan farcen da ke sama kaɗan ta gefen ciki na ƙafar gaba, wasu karnukan har a ta baya. Ba ya taɓa ƙasa, ba ya cinyewa, sai ya yi ta lanƙwasa har ya huda fata idan aka ƙyale shi. A kare mai yawan gashi sai ka lalubo shi da hannu.

Kayan aiki ma suna da nasu rabon. Abin yankan farcen mutum bai dace da babban kare ba. Akwai mai kama da filaya, wanda ya fi dacewa da farce mai kauri, akwai kuma mai rami da ake zura farce wuƙa ta gifta. Kowanne ka zaɓa, ya zama mai kaifi. Dakusasshe yana matse farcen kafin ya yanke, matsin yana isa ga naman, sai kare ya ji zafi ko da ba a yanki komai mai rai ba, wani lokacin ma farcen ya tsage. Injin gogar farce yana da kyau ga baƙin farce saboda yana ci kaɗan-kaɗan, amma yana ɗaukar zafi: daƙiƙa biyu ko uku a kan farce, ka ɗaga, kuma ka kiyaye kada ya naɗe dogon gashi.

Idan kuwa an yanki naman, jinin yakan fi raunin tayar da hankali. Tun kafin ka fara, ajiye hodar tsayar da jini kusa da kai. Ana sayar da ita don wannan aikin. Ɗebo kaɗan ka danna a bakin farcen, ka riƙe minti biyu ba tare da ɗagawa kana leƙe ba, domin leƙen yana ɓalle gudan jinin da ya fara haɗuwa. Idan babu hodar, garin sitaci ko fulawa suna taimakawa, ko a danna farcen cikin sabulu busasshe. Hana karen gudu da lasar wurin na ɗan lokaci. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan minti goma zuwa sha biyar na dannawa, sai likitan dabbobi, domin yana iya nuna matsalar daskarewar jini, kamar wadda gubar ɓera take haddasawa. Haka kuma idan bayan kwana ɗaya ko biyu yatsan ya kumbura, ko karen yana ɗingishi.

Ni a ganina babbar asarar yankan nama ita ce amanar da kare yake janyewa. Karen da ya ji wannan zafin yana tunawa, gobe da ya ga abin yankan sai ya ɓoye ƙafa, mai shi ya ƙara ƙarfin riƙo, karen ya ƙara fizga, kuma ƙafar da ke fizga ita ce aka fi yanka ba daidai ba. Saboda haka babu dole a gama farata goma sha takwas a rana ɗaya. Farce biyu yau da ɗan abin da yake so a baki, biyu gobe, ya fi a danne shi a gama. Idan yana gurnani, yana ɗage leɓe, ko jikinsa ya sandare, a dakata. Karen da ya kai ga cizo, ko wanda farcensa ya riga ya shige cikin tafi, ko ya tsage har gindi, a kai shi asibitin dabbobi, inda za a iya ba shi maganin kwantar da hankali kafin a taɓa ƙafar.